Yadda Ake Zaɓar Kalaman Ƙarfafa Gwiwa Don Allon Ma'aikata a Ƙaramin Shago

Masu shaguna da dama sun yi ta tambayata abu ɗaya: sun rataye allo, sun fara rubuta wa yaransu 'yar magana mai daɗi kowace safiya, amma kafin sati biyu abin ya mutu, ko kuma ya jawo ɓacin rai. Wani ma cewa ya yi tun da ya fara rubutun, mai karɓar kuɗinsa ta daina sakin fuska da shi, kuma bai san laifin da ya yi ba. Kusan kullum matsalar daga wajen zaɓe take. A kamfani mai ma'aikata ɗari biyu, magana a bango ta kowa ce, ba ta da mai ita. A shagon mutum huɗu ko biyar kuwa, kowa ya san wanda ya makara jiya, da wanda aka yi wa faɗa, da wanda ya nemi a ba shi wani abu daga albashinsa kafin ƙarshen wata. Duk abin da ka rubuta, za a nemo masa mai shi. Saboda haka mafi yawan aikin da ke gabanka tankaɗe ne. Ga yadda ake bi.

1. Allo da inda zai zauna

Kayan aikin ba su da yawa: farin allo mai faɗin santimita 60 da tsawon 40 ko kusa da haka, maka biyu irin wadda ake gogewa, baƙa da shuɗiya, tsumma, da ƙaramin littafi. Baƙin allo da alli ma sun wadatar, kuma sun fi araha, sai dai ƙurar alli ba ta dace da shagon da ake ajiye yadi ko kayan lantarki ba. Sau ɗaya za ka sayi allon. Abin da zai riƙa cin kuɗi nan gaba maka ce kawai, ita ma tana daɗewa idan ana rufe ta da kyau. Tsadar gaskiya ta lokaci ce: awa ɗaya a farkon wata, sannan minti uku kowace safiya.

Ka rataye shi inda ma'aikata suke tsayawa da kansu, kamar wurin ajiye jaka ko inda ake sa waya caji, daidai tsayin ido. Kada ya fuskanci masu sayayya. Da zarar baƙo yana iya karantawa, allon ya zama talla, kai ma za ka fara rubutu don a ga kai mutumin kirki ne.

Gargaɗi: kada ka haɗa shi da wurin da ake liƙa dokokin shago, jadawalin aiki ko sanarwar yankan albashi. Wanda ya karanta "za a cire wa duk wanda ya makara kuɗi" ba zai ji daɗin "Barkanku da ƙoƙari" da ke gefensa ba. A raba su, ko da taku biyu ne tsakani.

Wani gargaɗin kuma: akwai makar da ba ta goguwa, kuma kamanninta ɗaya da wadda ake gogewa. Ka raba musu wurin ajiya. In an yi kuskure, a bi ta kan rubutun da maka mai goguwa sannan a share nan take, ko a goge da sifirit.

2. Tara kalamai kafin ka fara

Mafi yawan allunan da suka mutu, ranar da mai shago ya tsaya da maka a hannu ya rasa abin rubutawa suka fara mutuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zauna da littafinka ka tara kamar 60 kafin ka rubuta ko ɗaya a allo. Kusan rabi za su faɗi a mataki na gaba, ka tsira da 30. Shagon da ke buɗewa kwana shida a sati, 30 za su kai shi sati biyar. Idan kana ƙara uku kowane sati, kuma ba ka maimaita magana kafin ta yi sati biyar ko shida da fitowa, rumbun ba zai ƙare ba.

Wurare uku ake samo su. Na farko karin magana, wanda ya fi sauƙi, domin kunne ya riga ya saba da shi. Na biyu kalaman da kai ka tsara game da aikin shagon. Na uku, wanda ya fi duka armashi a wurina, maganganun da suka fito daga bakin ma'aikatan kansu ko daga bakin mai sayayya da ya yaba. In wata ta ce a gabanka "shagon nan ba a ɓata wa mutum lokaci", rubuta shi a littafi kafin ka manta. Gobe ya hau allo kamar yadda ta faɗa.

Ka raba littafin gida huɗu: na haɗin kai, na juriya, na godiya, na raha. Amfanin rabawar zai fito a mataki na biyar.

Gargaɗi: kalaman da ake yaɗawa a waya ana jingina su ga manyan mutane, da yawansu ba su suka faɗa ba. In ba ka ga maganar a tushenta ba, ka cire sunan, ko ka bar ta gaba ɗaya. Haka nan nassin addini: yana buƙatar a kawo shi daidai harafi da harafi, allon kuma kullum ana share shi da tsumma, sannan ma'aikata ba lallai addininsu ɗaya ba. Ni dai ba na sa shi a irin wannan allo.

3. Tankaɗe: fitar da habaici

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi faɗuwa. Karin magana da yawa da muke gani kamar na hikima ne, asalin aikinsu gugar zana ne. Ana faɗarsu ne don wani ya ji a jikinsa. A fatar baki kana da murmushi da sautin murya da za su sassauta su. A allo ba ka da ko ɗaya. Maganar tana nan tsaye daga safe har dare, da rubutun hannun maigida.

Kowace magana ka yi mata tambayoyi uku, kuma ka bi su a jere.

Ta farko: a cikin yarana, wa zai ɗauka da shi ake? Ka kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya a zuciyarka kana karanta maganar. In fuskar wani ta faɗo maka, maganar ta faɗi. Ɗauki "Zomo ba ya kamuwa daga zaune." A littafi kamar zaburarwa ce. A shagon da jiya ka tarar da mai kula da sito a zaune yana danna waya, zagi ne, kuma sauran ukun duk za su kalle shi. "Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido" ya fi wannan muni, domin kowa zai fara lissafin wa ya raina wa. "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya" kuwa ba ta da wurin zama a shago ko da wasa. Inda ake taɓa kuɗi da kaya, ambaton sata tuhuma ce.

Ta biyu: maganar tana ba su wani abu ne, ko tana neman wani abu daga gare su? Wannan ita ce ta fi wuyar gani, saboda mai shago yakan ji daɗin maganar da ke neman ƙarin aiki har ya ɗauka kowa ma zai ji. "Mu ƙara ƙwazo yau" umarni ne aka sa masa riga mai kyau. "Mai nema yana tare da samu" ba laifi, amma in ta fito sau uku a wata, saƙon da ke isa shi ne ba ku nema yadda ya kamata. Ka gwada ta da "Jiya kun gaji, kuma na gani." Wannan ba ta nemi komai ba. Ta ba su shaida cewa wahalarsu ba a ɓoye take ba. A cikin kalamai goma, takwas su zama masu bayarwa. Sauran biyun, in dole ne, su zo da "mu", kuma ya zama kai ma kana cikin aikin da ake magana a kai.

Ta uku: ya dace wannan magana ta fito daga bakina? Akwai kalaman da suke da daɗi tsakanin tsara da tsara amma suke ɗaci daga sama zuwa ƙasa. Duk kalaman haƙuri suna cikin wannan rukuni. "Mai haƙuri yakan dafa dutse", "Mahaƙurci mawadaci", "Bayan wuya sai daɗi": abokin aiki zai iya faɗa wa abokin aikinsa su, ya ji sanyi. Wanda albashi yake hannunsa kuma ya jinkirta shi kwana biyar, in ya rubuta "Mahaƙurci mawadaci", ya yi wa mutane ba'a ne ko da bai nufa ba. Ban ce a zubar da su ba. A ajiye su sai ranar da wahalar ta haɗa kowa har da kai, kamar ranar da wuta ta ɗauke tun safe ko ciniki ya yi sanyi sati guda, kuma ba ka riƙe haƙƙin kowa ba.

Ga irin waɗanda suke tsallake duka ukun: "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." "Da yayyafi kogi kan cika." "Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza." "Komai nisan dare gari zai waye." "Sannu sannu kwana nesa." Ko su ma ba kowace rana ba. "Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma" magana ce mai kyau ƙwarai ga masu hulɗa da jama'a, amma washegarin ranar da wani ya yi cacar baki da mai sayayya, ta koma habaici.

In kana shakka, ka nuna wa mutum ɗaya da ya fi daɗewa a shagon jerin da ka tsira da shi, ka ce masa, "Duba mini, akwai wadda za ta sosa wa wani rai?" Yaran shago sun san abubuwan da ke tsakaninsu waɗanda ba su taɓa zuwa kunnenka ba.

4. Rage tsawo

Allon da kansa zai gaya maka iyaka. Masu rubuta allunan talla suna da ƙiyasin da suke bi: harafi mai tsawon santimita 2.5 yana karantuwa da sauƙi daga nisan mita 3. A shago gara ka ɗan ƙara, ka yi santimita 4, saboda mutum yana wucewa ne da kaya a hannu. Da wannan girman, allo mai faɗin santimita 60 zai ɗauki kalma uku zuwa huɗu a layi. Layi uku sun ba ka kalma tara zuwa goma sha biyu. Abin da ya wuce haka a datse shi.

Misali, ka rubuta a littafi: "Ina son in gode wa kowa da kowa saboda irin ƙoƙarin da aka yi jiya wajen sauke kaya duk da cewa motar ta zo a makare." Kalma 26 ke nan. A allo ta zama: "Mota ta makara, ku ba ku gaza ba. Na gode." Kalma goma. Abin da aka zubar shi ne share fage, abin da aka bari shi ne abin da ya faru da kuma godiyar. Ka karanta da ƙarfi. In numfashi ɗaya bai ɗauke ta ba, da sauran datsa.

Karin magana kuwa ba a datse shi yadda aka ga dama, ba a kuma yi masa bayani a ƙasa. In yana buƙatar bayani, ba na allo ba ne.

5. Daidaita magana da ranar

Kada ka jera kalamai 30 da kwanan wata ka riƙa bi kamar kalanda. Zaɓen na yau da daren jiya ake yinsa, bayan an rufe, lokacin da ka san yadda ranar ta kaya. Abu biyu kake dubawa: me ya faru yau, me ke jiranmu gobe. Sannan ka buɗe gidan da ya dace a littafi.

Bari mu bi sati guda a shago mai mutum biyar: mai shago, mai karɓar kuɗi, masu sayarwa biyu, da mai kula da sito.

Litinin ba abin da ya faru tukuna, jiki kuma bai gama warwarewa ba. Magana mai sauƙi daga gidan juriya ta isa: "Sannu sannu kwana nesa."

Talata motar kaya za ta zo, kowa zai sa hannu. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ta dace, da sharaɗin mai shagon ma zai ɗauki kwali. In zai zauna a kujera yana ƙirga, ya zaɓi wata.

Daren Talata aka yi lissafi, kuɗin aljihun tebur bai cika ba. Ba a san ko kuskuren canji ne ba, ko an manta ba a rubuta wani ciniki ba. A littafi, abin da mai shago ya so sawa ranar Laraba shi ne "Gaskiya dokin ƙarfe." A kowace rana daban, magana ce mai kyau. A wannan safiyar, mai karɓar kuɗi za ta shigo ta ga an rubuta ta a bango a gaban kowa. To me za a sa? Duk abin da ya shafi gaskiya, amana, kuɗi ko kula ya fita. Haƙuri ma ya fita. Komawa za a yi ga abin da ba ya da alaƙa da aljihun tebur ko kaɗan, kuma gaskiya ne: "Kwali 40 kafin azahar. Sannunku da aiki." Maganar giɓin kuɗi kuma a yi ta a keɓe, baki da baki, da wadda abin ya shafa. Allo ba ya aika saƙon da kake jin nauyin faɗa.

Alhamis an gano ciniki ne guda ba a rubuta ba, kuɗi sun cika. Akwai jarabar a rubuta wani abu kamar "Gaskiya ta yi halinta." Kada a yi. Zai nuna cewa jiya ana zargi. Wannan rana ce ta raha, irin wadda ba ta taɓa kowa: "Fanka ta ce yau ma tana tare da mu." Raha a allo a yi ta a kan kaya, yanayi ko mai shagon kansa. Ba a yi da jikin mutum, ko harshensa, ko kuskurensa.

Juma'a sai a kawo maganar mai sayayya da aka ajiye: "Wata ta ce: shagon nan ba a ɓata wa mutum lokaci." Asabar, ranar cunkoso, gajeriya ƙwarai: "Yau da yawa, mu ma da yawa."

Ka lura a sati gaba ɗaya karin magana biyu ne kawai suka hau. Sauran daga cikin shagon suka fito. Haka nake so rabon ya kasance, domin magana da ta ambaci kwali 40 ba za a same ta a bangon kowa ba, kuma ma'aikata sun san sai da aka lura da su kafin a rubuta ta.

Gargaɗi kan yabo da suna: yana da daɗi, yana kuma da haɗari. In za ka yi, ka ambaci aikin da aka yi takamaimai, kuma ka riƙa sa alama a bayan littafi don kowa ya samu cikin wata. Mai kula da sito aka fi mantawa, saboda aikinsa ba a gaban ido yake ba. Ka tambayi mutum kafin ka sa sunansa, wasu ba sa so.

6. Rubutawa

Ka rubuta kafin mutum na farko ya shigo, ka sa kwanan wata a kusurwar sama. Kwanan watan ne ke nuna cewa ta yau ce. Launi ɗaya ya isa. Kada ka cika manyan baƙaƙe da alamar motsin rai, suna sa magana ta yi kama da tsawa. Ka kula da lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ: "kafa" daban, "ƙafa" daban, haka "bari" da "ɓari". Kuskure ɗaya ya isa a wuni ana dariyar allon.

Bayan ka rubuta, ka bar wurin. Kada ka tsaya kana jiran a yaba, kada ka tara mutane ka karanta musu, kada ka tambayi kowa da rana ko ya ga abin da ka sa.

7. Miƙa maka, da sanin ranar da za a bar allo fari

Bayan sati uku ko huɗu, lokacin da aka gane irin maganar da ke hawa, ka fara ba ma'aikata rana ɗaya ko biyu a sati. Wanda yake so ne zai karɓa, ba a tilasta wa kowa, domin akwai mai jin kunyar rubutun hannunsa. Ka gaya musu ƙa'ida ɗaya tak: ba a rubuta abin da wani zai ɗauka da shi ake. Da farko su nuna maka da dare kafin ya hau. Wannan ba rashin yarda ba ne, habaici tsakanin abokan aiki ya fi na maigida saurin kama wuta, kuma kai za a ce ka bari.

Za ka gane allon yana raye idan ka ji wani ya maimaita maganar da rana ana tsakiyar aiki, ko an ƙara 'yar amsa a ƙasa, ko ranar da ka makara wani ya ce, "Maigida, yau ba rubutu?" Za ka gane yana mutuwa idan maganar shekaranjiya tana nan ba wanda ya lura, ko an fara rubuta lambar waya da lissafin kaya a gefe, ko an jingina kwalaye a gabansa. In haka ta faru, ka rage zuwa sau uku a sati, ka daina karin magana na ɗan lokaci, ka koma ga abubuwan da suka faru a shagon kawai. Idan kuma ka ga ana karantawa ana haɗa ido ana yin shiru, wata magana ta taɓa wani. Share ta a lokacin, ka sami mutumin a gefe ka ce ba da shi kake ba, sannan ka soke ta a littafi.

Akwai ranakun da ba a rubuta komai. Ranar da aka sallami wani daga aiki, ranar da albashi ya wuce lokacinsa, washegarin babban saɓani tsakaninka da ma'aikaci. Idan an yi wa ɗaya daga cikinsu rasuwa, ta'aziyya da baki ake yi da kuma zuwa, in kuma za a sa wani abu a allo, sai an tambaye shi ya yarda. A irin waɗannan ranaku ka share ta jiya da dare, ka bar kwanan wata kaɗai, ka dawo da rubutu bayan an biya albashin ko an sasanta.